Mintunan da ke zubewa tsakanin aiki da aiki: Yadda tsarin darasi ke riƙe hankalin yara a Dala

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar aji ɗaya na firamare a unguwannin Dala da ke gefen birnin Maiduguri ya san wannan yanayi. Malama ta gama koyar da sabon baƙi a allo, yara sun amsa da murya ɗaya, komai na tafiya daidai. Sai ta ce a fito da littattafan rubutu. Kafin ta rufe baki, an fara jan jakunkuna, wani ya ce an ɗauke masa fensir, wata ta miƙe neman reza, biyu sun kama kokawa a layin baya, uku sun ɗaga hannu za su fita shan ruwa. Malama ta buga tebur, ta ɗaga murya, ta sake bugawa. Lokacin da aji ya lafa, minti huɗu sun wuce, kuma rabin yaran sun manta da baƙin da aka koya musu.

Abin lura shi ne, ba a tsakiyar koyarwa ajin ya watse ba. Ya watse ne a ɗan tsakanin nan da aka bar aiki ɗaya ba a kama na gaba ba. Wannan wuri za mu kira shi mahaɗa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ajin ƙananan yara mahaɗar nan ita ce tsagar.

Lissafin abin da ake asara

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A Maiduguri da Jere, inda rikicin Boko Haram ya tara jama'a daga ƙananan hukumomi daban-daban, samun ninkin wannan adadi a aji guda ba baƙon abu ba ne. Don haka bari mu ɗauki misalin aji ɗaya mai yara 70 a Dala Lawanti ko Dala Alamderi, 'yan shekara shida zuwa bakwai, da darasin karatu na minti 35.

A cikin irin wannan darasi, malama kan sauya aiki kamar sau huɗu. Idan kowane sauyi ya ci minti uku, minti 12 sun tafi, wato kashi ɗaya cikin uku na darasin. Idan ta iya mayar da kowane sauyi minti ɗaya, ta ceto minti takwas a rana, minti 40 a mako. A zangon karatu mai mako 12, wannan sa'a takwas ke nan, kusan darasi 14 cikakku, a fanni ɗaya kacal, ba tare da an ƙara mata aji ko littafi ko kwabo ba.

Masu binciken ilimi sun daɗe da gano haka. A 1970, Jacob Kounin na Jami'ar Wayne State da ke Amurka ya wallafa sakamakon nazarin bidiyon azuzuwan firamare da ya yi. Ya shiga binciken ne yana zaton salon tsawatarwa ne ke bambanta malamin da ajinsa ke natsuwa da wanda nasa ke hargitsewa. Sai ya tarar bambancin yana cikin abin da ke faruwa kafin rigima ta taso: yadda darasi ke gudana ba tangarɗa, da yadda malami ke sa ido a kan kowane sashe na aji. A 1979 kuma, Marshall Arlin ya nuna cewa shagala da hayaniyar yara kan kusan ninkawa a lokacin sauyin aiki idan aka kwatanta da lokacin da ake tsakiyar aiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ɗan shekara shida ba ya iya riƙe umarni mai yawa a kansa, kuma ba ya iya zama hannu sake. Muddin ya san abin da ake so ya yi yanzu, yana tare da malama. Da zarar an bar shi daƙiƙa talatin bai san abin yi ba, zai samo wa kansa aiki, kuma aikin da ya fi kusa da shi shi ne hular maƙwabcinsa.

Darasin minti 35 a kan takarda

Yawancin tsarin darasin da malamai ke rubutawa yana ɗauke da manufa da kayan aiki da matakan koyarwa da auna fahimta. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne yadda za a tashi daga mataki zuwa mataki. Gyaran yana farawa ne daga ware wa mahaɗa lokacinta a takarda, kamar yadda ake ware wa kowane mataki.

Ga yadda malamar misalinmu za ta raba darasin koyar da baƙin k da gaɓoɓin ka, ki, ko, ku. Minti huɗu na farko na buɗewa ne: gaisuwa, da waƙar baƙaƙe, da bitar baƙin jiya. Wannan buɗewa ba ta canzawa daga Litinin zuwa Juma'a, domin yaro ya shigo ya san abin da zai tarar. Minti bakwai na gaba malama ce ke koyarwa a allo, yara na zaune suna kallo suna amsawa. Sai minti takwas na aiki tare, yara a tsaye, kowa da abokinsa, suna tafa gaɓoɓin kalmomi irin su kaka da kuka da koko. Daga nan minti takwas na rubutu a littafi, kowa shi kaɗai. Minti huɗu na ƙarshe na rufewa ne da tattara kaya. Jimilla minti 31. Sauran minti huɗun na mahaɗa huɗu ne, kowace minti ɗaya.

Akwai hikima a cikin jerin. Babu zaman da ya wuce minti takwas, kuma an sa aikin tsayuwa da tafi a tsakanin zama biyu. Yaro mai ƙiriniya zai motsa ko an so ko ba a so ba, saboda haka gara a ba shi motsin a cikin darasi, a lokacin da malama ta zaɓa. Haka nan an ajiye rubutu bayan tsayuwa, lokacin da jiki ya sake. A watannin Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin Maiduguri ke haura digiri 40 kuma rufin kwano ke ƙara masa ƙarfi, malama na iya rage zaman zuwa minti biyar, ta mayar da tsayuwar miƙa da numfashi maimakon tsalle.

Matakai huɗu na mahaɗa

Mahaɗa mafi wuya a wannan darasi ita ce ta uku, daga tsayuwa da tafi zuwa zama da rubutu, domin a nan ne ake neman yara su sauko daga hayaniya zuwa shiru, kuma a nan ne kaya ke shigowa. Matakai huɗu ke gare ta.

Na farko sanarwa. Kafin aikin tafi ya ƙare, malama ta ce, "Saura kalma biyu." Yaro ba ya gane "saura minti ɗaya", amma yana gane kalma biyu, domin yana iya ƙirga su. Sanarwar na hana a yanke masa aiki bagatatan.

Na biyu alama. Alama ɗaya tak ake zaɓa, a riƙe ta har ƙarshen shekara: misali malama ta yi tafi uku, yara su mayar da tafi uku, su ɗora hannu a kafaɗa, su dube ta. Amfanin tafin da ake mayarwa shi ne yana ƙwace hannuwan yaro daga duk abin da suke yi. A aji irin na Dala, inda ɗan da ya taso da Kanuri da wanda ya taso da Larabcin Shuwa da mai jin Hausa ko Babur ko Margi ke zaune a benci ɗaya, alamar da ba ta dogara da harshe ba tana isa ga kowa a lokaci guda. Bayan alama, malama ta tsaya a wuri ɗaya da aka saba ganin ta, ta yi shiru har kowa ya yi shiru. Idan ta fara magana alhali layin baya na surutu, ta koya wa ajin cewa alamar ba dole ba ce.

Na uku umarni, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Da zarar malama ta ce "ku zauna ku fito da littafi", yara sun fara motsi, duk abin da ta faɗa bayan haka ya bi iska. Don haka sai ta ɗaure umarnin da kalmar saki tun daga farko: "Idan na ce bismillah, ku zauna. Shugabannin layi su raba littattafai." Abu biyu kawai, ba uku ba. Sai ta nuna yaro ɗaya daga layin baya ya maimaita abin da za a yi. Idan ya kasa, umarnin ne bai isa baya ba, sai ta sake faɗa da nuni.

Na huɗu saki da sa ido. Ta faɗi kalmar, sannan ta fara ƙirga daga goma zuwa ɗaya a hankali, ko ajin ya rera gajeriyar waƙar da kowa ya san inda take ƙarewa. A wannan minti malama ba ta juya baya ta yi rubutu a allo, ba ta neman alli, ba ta amsa sallamar wanda ya leƙo. Abin da za a kwafa ta riga ta rubuta shi a gefen allo tun kafin darasi. Aikinta shi ne ta bi layuka da ido, tana ambaton abin da ta gani: layi na biyu ya shirya, layi na biyar ya shirya. Sauran layukan kan yi sauri su ma a ambace su.

Littafi, fensir da ruwan sha

Rabon kaya shi ne babban ɓarawon lokaci. Idan malama ta riƙe littattafai 70 tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ko daƙiƙa huɗu kowane yaro ya ci, an kusa cinye minti biyar, kuma a duk tsawon lokacin yara 69 ba su da abin yi. Idan kuwa ajin layi bakwai ne na yara goma-goma, aka ɗaure littattafan kowane layi da roba aka ajiye a bakin layin tun da safe, shugabannin layi bakwai za su gama rabon a ƙasa da minti ɗaya. Sharaɗin shi ne kowane yaro ya san mazauninsa, ko a benci ko a tabarma, kuma a tattara littattafan layi-layi kamar yadda aka raba su.

Fensir ma haka. Gwangwani biyu a gaban aji sun wadatar: ɗaya na feƙaƙƙun fensira, ɗaya na waɗanda suka dakushe. Wanda nasa ya karye ya ɗaga shi sama, shugaban layi ya musanya masa. Fiƙa sai lokacin tara, kuma wannan na raba yara da riƙe reza a cikin aji. Fita shan ruwa ko bayan gida na da alamarta, misali ɗaga yatsu biyu, malama ta gyaɗa kai ba tare da ta katse magana ba, kuma ba a fita fiye da mutum ɗaya a lokaci guda.

Sai batun wanda ya riga kowa gamawa. A kowane aji akwai yara biyar ko shida da za su gama rubutu a minti uku, kuma sau da yawa su ne masu kuzarin da ke tayar da aji. Tun farkon zango ya kamata su san abin da ake yi idan an gama: a zana abin da sunansa ya fara da baƙin yau, ko a karanta wa kai abin da aka rubuta da yatsa a kan layi. Yaron da ya fi kowa rashin zama kuwa, shi ya fi dacewa da shugabancin layi ko gogen allo, domin ya samu halastacciyar hanyar miƙewa.

Koyar da sabo kamar karatu

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tabbata don an faɗe shi sau ɗaya. A 1980, Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson sun wallafa binciken da suka yi a azuzuwan aji uku a jihar Texas. Sun ga cewa malaman da ajinsu ya fi tafiya daidai a tsawon shekara su ne waɗanda suka yi amfani da makonnin farko wajen koyar da ƙa'idojin aji kamar yadda ake koyar da darasi: su bayyana, su nuna, su sa yara su gwada, su gyara.

Mutanen Borno ba baƙi ba ne ga wannan. A tsangaya da makarantar allo, yaro ya san lokacin ɗaukar allo, da inda zai zauna, da lokacin biyawa, da lokacin wankewa, ba tare da malam ya sanar kowace rana ba. Maimaici ne ya dasa shi. Ana cewa sabo turken wawa, amma ga ƙaramin yaro a aji, sabo shi ne turken da hankalinsa ke ɗaure a kai.

A aikace, malama ta ɗauki abu ɗaya a rana. Ranar farko alamar shiru: ta nuna, ta bar yara su yi surutu da gangan, ta yi tafi, su mayar, sau huɗu ko biyar, kamar wasa. Rana ta biyu shiga aji da zama. Rana ta uku rabon littafi, layi ɗaya ya gwada sauran na kallo, sannan kowa ya yi, tana duba agogo tana faɗa musu daƙiƙa nawa suka ci. Mako biyu na farko za su zama kamar ana asarar lokacin karatu, amma lissafin da muka yi a sama ya nuna cewa bashin yana biyan kansa kafin tsakiyar zango. Bayan kowane dogon hutu, kamar na Sallah, sai an sake bitar kwana ɗaya ko biyu. Yaron da ya shigo a tsakiyar zango kuma a haɗa shi da abokin zama da zai nuna masa yadda ake yi.

Wannan na da wani nauyi na musamman a Maiduguri. Da yawa daga cikin yaran da ke ƙananan azuzuwa yanzu an haife su ne a gidajen da suka yi gudun hijira, kuma sun ga ambaliyar Satumban 2024 da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau, wadda ta raba dubban iyalai da muhallinsu ta kuma tsayar da karatu. Masu aikin ilimi a wuraren da aka yi tashin hankali sun daɗe suna jaddada cewa sanin abin da zai biyo baya na kwantar wa irin waɗannan yara hankali. Saboda haka buga bulala a tebur ko daka tsawa ba zato, ko da ya kawo shiru nan take, yana iya firgita wani yaron har ya kasa bin sauran darasin.

Yadda ake gane tsari ya lalace

Hanya mafi sauƙi ita ce awo. Malama ta roƙi abokiyar aikinta ko hedimasta ya zauna a bayan aji da agogon waya, ya auna daga lokacin da ta ba da alama zuwa lokacin da kusan kowa ya kama sabon aiki. Idan mahaɗa ta wuce minti biyu, akwai abin gyara, kuma yawanci ana iya gano shi.

Idan sai an yi tafi sau uku kafin a yi shiru, alamar ta tsufa, galibi saboda ana yin ta barkatai ko ana magana kafin shiru ya cika. Idan yara na tambayar "Malama, me za mu yi?" bayan an sake su, umarnin ya yi tsawo. Idan kullum layi ɗaya ne ke makara, a duba ko kayansu na isa gare su, ko suna jin muryar malama daga inda suke.

Wani lokacin kuma daga malamar ne. Kounin ya lissafa irin waɗannan kurakurai: a fara sabon aiki sannan a koma tsohon, kamar a ce a buɗe littafi sai kuma a tuna ba a tambayi aikin gida ba, ko a bar aiki a rataye a tafi wani abu, ko a tsaya dogon wa'azi a kan yaro ɗaya alhali sauran na jira. Maganin mahaɗar da ta lalace shi ne a sake ta nan take cikin sanyin murya, "Mu koma, mu sake", maimakon a hukunta aji duka. Amma sau ɗaya ko biyu ya isa. Idan maimaicin ya zama horo, yara za su tsani alamar kanta.

Inda tsarin ke tsayawa

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba, tafi uku ba zai riƙe shi da ƙarfe sha ɗaya ba. Ajin da ya haura ɗari, babu hanyar wucewa tsakanin layuka, sai dai a rage motsi zuwa abin da za a yi a mazauni, kuma wannan matsala ce ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da masu gina azuzuwa, ba ta malama ba. Yaron da kullum shi ne na ƙarshe wajen amsa alama, wataƙila ba taurin kai ba ne. A gwada matso da shi gaba, a kuma shawarci iyayensa su kai shi a duba kunnensa da idonsa. Haka nan idan aikin da aka bayar ya fi ƙarfin rabin ajin, za su zauna da sauri, su buɗe littafi da sauri, sannan su watse bayan minti ɗaya. A nan aikin ne ke bukatar gyara.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan makaranta baki ɗaya. Idan malamai uku ke shiga aji ɗaya, kowa da alamarsa da ƙa'idarsa, yaro zai koyi uku ya rikita su. Zama ɗaya na malaman ƙananan azuzuwa a farkon zango, su amince da alamar shiru guda da hanyar rabon kaya guda, ya isa ya kawar da wannan. Hedimastan da ke duba tsarin darasi ranar Litinin kuma yana iya ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ya saba yi: tsakanin mataki na uku da na huɗu, me yara za su yi da hannuwansu, kuma wa zai raba littafi?